Barel Shifta: Da'irar da Ke Gusar da Lambobi Ba Tare da Ta Tura Komai Ba

Duk ɗan firamare ya san dabarar ninka lamba da goma. Sifili ake ƙara mata a dama, 37 ta koma 370. Abin da ya faru a zahiri shi ne 3 da 7 sun gusa hagu da gurbi ɗaya, sifili ya zo ya cike gurbin da suka bari. Kwamfuta ma tana da wannan dabara, sai dai ita da alamomi biyu kacal take ƙirge, 0 da 1, kowace alama ɗaya ana ce mata bit. Saboda haka gusawa gurbi ɗaya a wurinta ninkawa ce da biyu.

Mu ɗauki jerin bit huɗu. Daga dama zuwa hagu, gurbi na farko darajarsa 1, na biyu 2, na uku 4, na huɗu 8. Jerin 0011 yana nufin 2 a tara da 1, wato uku. In aka gusar da shi hagu da gurbi ɗaya ya zama 0110, shida ke nan. In aka gusar da shi da gurbi biyu ya zama 1100, sha biyu. In kuma dama aka nufa, rabawa ce da biyu: 1100 ya koma 0110. Aiki ne ƙarami, amma furosesa tana yin sa dare da rana: wajen ninkawa da rabawa, wajen zaƙulo launin ja ko kore daga lambar da ke riƙe da launin ɗigon hoto, wajen cakuɗa bayanai don a ɓoye sirri, da wajen daidaita lambobi masu ɗigo kafin a tara su, kamar yadda ɗalibi ke jera ɗigo a ƙarƙashin ɗigo. A yawancin waɗannan ayyuka ba a san yawan guraben da za a gusa ba sai lokacin aikin ya zo. Yanzu gurbi ɗaya ne, an jima bakwai, an jima ashirin.

Tsohuwar hanya ita ce a bi taki-taki. Ana ajiye bit ɗin a jeren ƙananan ma'ajiyai, kowace tana haɗe da maƙwabciyarta, duk lokacin da agogon na'ura ya buga sai kowane bit ya koma gidan kusa. Gurbi uku, bugu uku. Gurbi goma sha biyar, bugu goma sha biyar, har da na'urar ƙirge da za ta ce a tsaya. Furosesar Intel 8086 ta shekarar 1978 haka take yi, kuma kowane gurbi yana cin bugu huɗu, bayan bugu takwas na shiri. Gusar da lamba da gurbi goma sha biyar yana cin bugu 68. Da 80386 ta fito a 1985, aikin nan ya koma bugu uku, ko gurbi ɗaya ne ko talatin da ɗaya. Abin da ya kawo wannan bambanci wata da'ira ce da injiniyoyi ke kira barel shifta. Tsohuwar hanyar kuwa ba ta mutu ba: ƙaramar furosesar da ke kan allon Arduino Uno har yau gurbi ɗaya take gusawa a kowane umarni, in ana son biyar sai a maimaita sau biyar.

Tambayar da ta sauya komai

Mai bin tsohuwar hanya tambayarsa ita ce, ina wannan bit zai koma? Mai gina barel shifta yana tsayawa ne a ɗaya ɓangaren, a bakin mafita, ya tambaya: wannan gurbi, daga ina bit ɗinsa zai fito? Da zarar an yi tambayar ta wannan fuska, sai a ga ashe babu abin da ke buƙatar turawa. Zaɓe kawai ake buƙata.

Mu sa wa bit huɗu masu shigowa suna D3, D2, D1, D0, daga hagu zuwa dama, masu fita kuma Y3, Y2, Y1, Y0. Dubi Y3, gurbin ƙarshe na hagu. In ba a gusa ba, D3 ne zai zauna a wurin. In an gusa hagu da ɗaya, D2 ne. Da biyu, D1. Da uku, D0. 'Yan takara huɗu ke nan, kuma yawan gusawar shi ke nuna wanda ya ci. Haka abin yake ga sauran gurabe uku, kowanne da nasa 'yan takarar.

Akwai na'urar da aikinta ke nan tun asali, ana ce mata maltifileksa, mu kuwa za mu riƙa ce mata mazaɓi. Tana da mashigai da yawa, mafita ɗaya, da wayoyin umarni. Lambar da aka ɗora a kan wayoyin umarni ita ke faɗin mashigar da za a haɗa da mafita, sauran kuma a yi watsi da su. Mazaɓi mai mashiga biyu wayar umarni ɗaya ta ishe shi: 0 ya ɗauki ta farko, 1 ya ɗauki ta biyu. Mai mashiga huɗu yana buƙatar waya biyu, S1 da S0, domin bit biyu suna iya rubuta lambobi huɗu: 00, 01, 10, 11, wato sifili, ɗaya, biyu, uku. Mazaɓi ba ya ajiye komai kuma bai san agogo ba. Muddin akwai wuta, abin da ke mashigar da aka zaɓa yana bayyana a mafita.

To ga ginin. A samo mazaɓa huɗu masu mashiga huɗu-huɗu, kowane gurbin fita da nasa. A haɗa wayoyin umarninsu wuri ɗaya, duk su ji magana guda a lokaci guda. Sauran aikin na jan waya ne, kuma ga yadda za a ja su in ana son juyi zuwa hagu, inda bit ɗin da ya faɗo ta hagu yake zagayowa ya shigo ta dama:

```
S1 S0 :  00   01   10   11
Y3    =  D3   D2   D1   D0
Y2    =  D2   D1   D0   D3
Y1    =  D1   D0   D3   D2
Y0    =  D0   D3   D2   D1
```

Kowane layi na kwance mazaɓi ɗaya ne da mashigansa huɗu. Kowane layi na tsaye amsa ce cikakkiya. Mu gwada da 1011, wato D3 ɗaya ne, D2 sifili, D1 ɗaya, D0 ɗaya, mu nemi juyi na gurbi uku. Sai mu ɗora 11 a kan wayoyin umarni, kowane mazaɓi ya buɗe mashigarsa ta ƙarshe. Y3 ya ɗauki D0, ɗaya. Y2 ya ɗauki D3, ɗaya. Y1 ya ɗauki D2, sifili. Y0 ya ɗauki D1, ɗaya. Amsa 1101. Mai shakka yana iya bi da hannu: 1011 ya koma 0111, ya koma 1110, ya koma 1101. Taki uku a takarda, amma a da'irar babu taki na farko balle na biyu. D0 bai bi ta Y1 da Y2 kafin ya isa Y3 ba. Da ma akwai waya daga D0 zuwa mazaɓin Y3, tana nan tana jira tun ranar da aka haɗa da'irar.

Abin da ya fi burge ni a wannan gini shi ne mazaɓan nan huɗu iri ɗaya ne sak, babu wanda ya san ana gusar da wani abu. Gusawar tana cikin karkatar wayoyin, yadda kowane layi ya zame da gurbi ɗaya daga na samansa. Amsoshi huɗu suna tsaye a bakin mashigai a kowane lokaci, wayoyin umarni ɗaya kawai suke buɗe wa hanya.

Abin da ake zubawa a gurbin da aka bari

Juyi daban, gusawar lissafi daban. In ninkawa ake so, bit ɗin da ya faɗo ta hagu ba ya dawowa, sifili ke shigowa ta dama. Gyaran ba shi da wuya. A teburin nan akwai mashigai shida da ke karɓar bit ɗin da ya zagayo: ɗaya a layin Y2, biyu a layin Y1, uku a layin Y0. A cire wayoyin nan shida a haɗa mashigan da layin sifili. Yanzu 1011 da gurbi ɗaya zai ba da 0110, da gurbi uku kuma 1000.

A nan akwai tarko. 1011 sha ɗaya ne, ninkinsa ashirin da biyu, amma 0110 shida ne. Ina sha shida ta tafi? Ta tafi da bit ɗin da ya faɗo, domin gurbi huɗu ba sa ɗaukar abin da ya wuce sha biyar. Da'irar ba ta yi kuskure ba, kuma ba za ta yi kuka ba. Wanda yake son sanin an yi asara sai ya ƙara 'yar da'irar da ke duba ko akwai 1 cikin waɗanda suka faɗo.

Gusawa dama tana da nata lauje cikin naɗi, saboda lambobin da ke ƙasa da sifili. A tsarin da kwamfutoci ke bi, gurbin ƙarshe na hagu yana ɗaukar daraja ta bashi: maimakon 8, sai a lissafa shi -8. Ke nan 1010 yana nufin -8 a tara da 2, wato -6. In aka gusar da shi dama aka cike da sifili, 0101 zai fito, biyar, amsar da ba ta da alaƙa da rabin -6. In kuwa aka cike da kwafin bit ɗin hagu, 1101 zai fito, wato -3, daidai. Saboda haka masu gini ba sa ɗaure mashigan cikewa da sifili kai tsaye. Suna haɗa su da waya ɗaya ta cikewa, su sa wa wayar nata ƙaramin mazaɓi: ko sifili, ko D3. Mai lissafi ya lura da abu guda: 1011 a wannan tsari -5 ne, in an gusar da shi dama sai ya ba da 1101, -3. Gusawa tana sauke ragowa ƙasa ne kullum, ba ta nufar sifili, shi ya sa amsarta kan bambanta da ta umarnin rabawa in lambar bashi ce kuma mara ce.

Hanyar hawa biyu

Ginin farko yana da sauƙin fahimta, amma yana da tsada in jeri ya yi tsawo. Akwai gini na biyu da ya fi shi tattali, kuma shi aka fi koya wa ɗalibai da sunan barel shifta.

Wanda ke riƙe da takardar naira goma ɗaya da ta naira ashirin ɗaya yana iya biyan kuɗi iri huɗu: ya ƙi ba da komai, ya ba da goma, ya ba da ashirin, ko ya haɗa su talatin. Shawara biyu kawai yake yankewa, a ba da wannan ko a riƙe, a ba da waccan ko a riƙe. Yawan gusawa ma haka yake. S0 darajarsa ɗaya, S1 darajarsa biyu, kuma uku ba komai ba ne illa ɗaya da biyu. Don haka sai a gina hawa biyu. Hawan farko yana da mazaɓa huɗu masu mashiga biyu-biyu, duka suna sauraron S0: in 0 ne su wuce da jerin yadda ya zo, in 1 ne su gusar da shi gurbi ɗaya. Hawa na biyu ma mazaɓa huɗu ne, suna sauraron S1: ko su wuce da abin da hawan farko ya miƙo, ko su gusar da shi gurbi biyu. In muka kira abin da ke tsakanin hawan biyu A3 zuwa A0, wayoyin juyi za su kasance haka:

```
S0 :   0    1        S1 :   0    1
A3 =  D3   D2        Y3 =  A3   A1
A2 =  D2   D1        Y2 =  A2   A0
A1 =  D1   D0        Y1 =  A1   A3
A0 =  D0   D3        Y0 =  A0   A2
```

Mu sake kawo 1011 da umarnin 11. Hawan farko ya juya shi da ɗaya, ya zama 0111. Hawa na biyu ya juya wannan da biyu, wato rabin hagu da rabin dama suka yi musayar wuri, ya zama 1101. Amsar ɗazu ce. Kada kalmar hawa ta ruɗi mai karatu: babu ma'ajiya a tsakani, babu jiran agogo. Siginar tana ratsa mazaɓi na farko ta faɗa na biyu kai tsaye.

Ina tattalin yake? Mazaɓi mai mashiga huɗu, in za a haɗa shi daga masu mashiga biyu, guda uku yake ci. Huɗu daga cikinsa sha biyu ke nan. Ginin hawa biyu takwas ya ci. Dalili shi ne kowane mazaɓi na hawan farko yana yi wa mazaɓa biyu na hawa na biyu aiki: A1 yana zuwa wurin Y1, yana kuma zuwa wurin Y3, ba a sake gina shi sau biyu ba. Tsakanin takwas da sha biyu ba wani tazara ba ne. Amma a jerin bit 32, ginin farko yana buƙatar mazaɓa 32 masu mashiga 32 kowanne, kwatankwacin ƙananan mazaɓa 992, kuma kowane bit mai shigowa sai ya ciyar da mashigai 32. Ginin hawa-hawa yana buƙatar hawa biyar, na 1, 2, 4, 8 da 16, kowanne da mazaɓa 32, jimilla 160. A bit 64 hawa ɗaya tak ake ƙarawa, su zama shida, mazaɓa 384. Duk lokacin da tsawon jeri ya ninka, hanyar da sigina ke bi tana ƙaruwa da mazaɓi ɗaya ne kawai.

Wanda yake son da'irar ta iya hagu da dama ba sai ya gina biyu ba. A juyi, dama da gurbi ɗaya daidai yake da hagu da gurbi uku, lambar umarni kawai za a sauya. A gusawar lissafi kuma akwai dabarar birkita jerin kafin ya shiga, na hagu ya koma dama, a gusar da shi hagu, a sake birkita shi a mafita. Kuɗinta mazaɓa huɗu a gaba, huɗu a baya.

A kan allon gwaji

Da'irar nan tana ginuwa da hannu, da kayan da ake samu a wurin masu sayar da kayan lantarki. Aisi mai lamba 74HC153 yana ɗauke da mazaɓa biyu masu mashiga huɗu, kuma da ma wayoyin umarninsu a haɗe suke daga ciki. Guda biyu sun isa ginin farko: ɗaya ya riƙe Y0 da Y1, ɗayan Y2 da Y3. Ƙafa ta 16 wuta ce, bolt biyar ya wadatar, ta 8 kuma layin sifili. S0 yana ƙafa ta 14, S1 yana ta 2. Mafitai suna ta 7 da ta 9. Mashigan mazaɓi na farko suna farawa daga ƙafa ta 6 su gangara zuwa ta 3, na biyu kuwa suna hawa daga ta 10 zuwa ta 13. Wannan saɓanin, ɗaya na sauka ɗaya na hawa, shi ne ramin da sababbin hannu suka fi faɗawa. Ginin hawa biyu kuma 74HC157 ake yi da shi, mai mazaɓa huɗu masu mashiga biyu a ƙarƙashin wayar umarni ɗaya, aisi ɗaya hawa ɗaya. Sai makunnai shida, huɗu na bit biyu na umarni, kowanne da resistan da zai ja wayarsa zuwa sifili in an kashe shi, da ƙananan fitilu huɗu a mafita, su ma kowace da resistanta.

In an kunna aka ga fitilu biyu ko duka huɗu sun ƙi kamawa ko me aka danna, wurin fara dubawa shi ne ƙafafun izini. A 74HC153 su ne ta 1 da ta 15, a 74HC157 ta 15. Sai an haɗa su da layin sifili mazaɓi ke aiki, in suna sama mafita tana zama sifili. In kuma fitila tana ƙyaftawa ita kaɗai, ko tana sauyawa in an kawo hannu kusa, akwai mashigar da aka bari a sake. Wannan yana yawan faruwa wajen mashigai shidan nan na cikewa, domin mutum yana ɗauka rashin haɗa waya daidai yake da sifili. Ba haka ba ne. Mashigar irin wannan aisi in ba a ɗaure ta ba tana kama duk abin da ke yawo a iska.

Gwaji ma yana da ƙa'ida. Jeri 16 ne za su iya shigowa, umarni huɗu, gaba ɗaya hali 64, ana iya bin su duka a zama ɗaya. Amma ba kowane jeri ke tona asiri ba. 0000 da 1111 ba sa nuna komai a juyi, ko an harɗe wayoyi amsar ɗaya ce. 0101 ma mayaudari ne, juyinsa da ɗaya da juyinsa da uku duk 1010 ne. Mai tona asiri shi ne jeri mai 1 guda tak. A sa 0001, a bi umarni 00, 01, 10, 11, a ga fitila ɗaya tana takawa daga dama zuwa hagu. Sannan a maimaita da 0010, 0100 da 1000. Gwaji sha shida ke nan, kuma kowanne yana tabbatar da waya ɗaya daga wayoyi sha shida na teburin farko.

Yadda fitilar ta ɓata hanya shi ke faɗin inda cutar take. In sifili da uku sun fito daidai amma ɗaya da biyu sun yi musaya, an juya S0 da S1 ne, domin 00 da 11 ba su damu da wace waya ce wace ba. In a aisi ɗaya kawai aka juya su, wanda ke riƙe da Y2 da Y3, alamar ta fi ban mamaki: 0001 da umarnin ɗaya zai kunna fitila biyu, 0110, da umarnin biyu kuma babu ko ɗaya. Aisin farko ya ji ɗaya, na biyu ya ji biyu, kowanne ya yi biyayya ga abin da ya ji. Juyi na gaskiya ba ya ƙara yawan 1 kuma ba ya rage shi, don haka ƙirga fitilu kawai ya isa a gane akwai matsala. Shi kuwa 1111 ranarsa tana zuwa a gusawar lissafi, inda ya kamata ya ba da 1111, 1110, 1100, 1000, ya nuna sifilin cikewa suna shiga inda ya dace.

Iyakar taki ɗaya

Cewa da'irar tana aiki a taki ɗaya ba ya nufin ba ta cin lokaci. Kowane mazaɓi yana ɗan jinkiri kafin mafitarsa ta bi mashigarsa. A aisin allon gwaji jinkirin bai wuce 'yan gomiyoyin nanosakan ba, nanosakan ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. Abin da ake nufi shi ne lokacin bai dogara da yawan gusawa ba, kuma ana tsara agogo yadda aikin zai kammala kafin bugu na gaba. A cikin wannan ɗan tsakani mafita tana iya faɗin ƙarya. In umarni ya tashi daga 01 zuwa 10, wayoyi biyu ke sauyawa, kuma ba lalle su sauya tare ba. Na ɗan ƙiftawa mazaɓa za su ga 00 ko 11, su fitar da amsar da ba wanda ya nema. Ido ba ya ganin wannan a fitila, amma wata da'ira mai sauri tana gani. Shi ya sa ake ajiye amsar a rijista sai agogo ya buga, kuma ba a haɗa mafitar barel shifta kai tsaye da abin da ke amsa kowane motsi.

Kuɗin saurin kuma wuri ne. Rijistar taki-taki waya ɗaya take buƙata tsakanin maƙwabta. Barel shifta wayoyinsa suna tsallake juna, a hawan ƙarshe na bit 32 kowace waya tana tsallake gurbi 16. Shi ya sa ƙananan furosesoshi masu arha ke haƙura da shi. Waɗanda suka yarda suka biya kuwa sun mori abinsu. Sophie Wilson da Steve Furber, da suka tsara furosesar ARM ta farko a kamfanin Acorn da ke Kambirij ta Ingila, wadda ta fara aiki a 1985, sun dasa barel shifta a kan hanyar ɗaya daga lambobi biyu masu shiga sashen lissafi. Sakamakon haka umarni ɗaya yana gusawa ya kuma tara:

```
ADD r0, r1, r1, LSL #2
```

Ma'anarsa a gusar da abin da ke r1 hagu da gurbi biyu, ya zama ninki huɗu, a tara da r1 ɗin kansa, a ajiye a r0. An ninka da biyar ke nan ba tare da an taɓa da'irar ninkawa ba. Zuriyar wannan furosesa ce ke cikin kusan duk wayar hannu ta zamani.

Saura tambaya ɗaya da da'irarmu ba ta da amsarta. Me zai faru in aka nemi gusawa da gurbi huɗu? Huɗu a rubutun kwamfuta 100 ne, bit uku, mu kuwa wayoyin umarni biyu gare mu. In aka yar da bit na sama, 00 zai rage, jerin ya fito yadda ya shiga. A juyi wannan daidai ne, zagaye ya cika. A gusawar lissafi kuskure ne, domin kamata ya yi komai ya zube a sami 0000. Wanda ke son amsar lissafi sai ya ƙara waya ta uku wadda in ta tashi take tilasta mafita ta zama sifili, kuma a 74HC153 ƙafafun izinin nan suna iya wannan aiki ba tare da ƙarin aisi ba. Manyan kamfanoni ma ba su yi ittifaƙi a kan wannan ba. Furosesoshin zuriyar 80386 suna duba bit biyar na ƙasa ne kawai in jerin na bit 32 ne, don haka gusawa da 32 ba ta sauya komai. ARM mai bit 32, in yawan gusawar daga rijista ya fito, tana duba bit takwas, ta ba da sifili. Saboda irin wannan saɓani, ƙa'idar harshen C ba ta yi alkawarin kowace amsa ba in aka gusar da lamba da yawan da ya kai faɗinta ko ya wuce, kuma manhaja ɗaya tana iya ba da amsa biyu a na'urori biyu.